Sikanin ko siti: wanne za a gaskata idan afendis ya kumbura, ko ya fashe?

A cikin duk abin da ake bugawa a takardar sakamakon sikanin, babu layin da ke tayar mini da hankali kamar wannan: `Appendix not visualized`. Ma'anarsa ba a ga afendis ba. Amma da zarar takardar ta shiga hannun uban yaro, ko wani ɗan uwa da ya ɗan yi boko, sai fassarar ta koma "an duba, babu afendis". Sai a yi hamdala, a biya ta kemis a sayi maganin taifot, a hau mota zuwa Godogodo ko Zonkwa. Bayan kwana uku a dawo da yaron ranga-ranga, ciki ya yi tauri kamar allo. Tsakanin "ba a gani ba" da "babu" akwai tazara mai nisa, kuma a cikin wannan tazarar ne muhawarar sikanin da siti, wato CT, take.

Afendis wata 'yar jela ce mai kama da tsutsa, tsawonta bai cika wuce ɗan yatsa ba, tana rataye a gindin babban hanji, can ƙasan ciki ta hannun dama. Bakinta ɗaya ne. Idan bakin ya toshe, ruwa ya taru a ciki, ƙwayoyin cuta su hayayyafa, jelar ta kumbura ta cika tam. Matsin da ke ciki ya fara shaƙe jijiyoyin jinin da ke ciyar da bangonta, bangon ya mutu, daga nan sai ɓulewa. Mutanenmu kan ce tsakuwar shinkafa ce ko 'ya'yan gwaba ke jawo shi. Akwai tsakuwa a maganar, sai dai mafi yawan lokaci ba wadda aka haɗiya ba ce: busasshen bayan gida ne da ya dunƙule ya sandare a cikin jelar. A yara kuwa, kumburin kaluluwar da ke jikin bangon ma kan toshe bakin. Ciwon kan fara a wajen cibiya, mutum ya ƙi abinci, ya yi amai, sannan cikin yini guda ciwon ya gangara dama ya zauna. Fashewa ba ta cika faruwa a yinin farko ba. Bayan kamar sa'a 36 ne hatsarin ke fara hawa, kuma ƙananan yara da tsofaffi sun fi saurin kaiwa can.

Na fara da sikanin, don shi ne a kusa da mu. A Kafanchan ba sai ka sha wahala ba kafin ka sami na'urar sikanin, albarkacin awon ciki na mata. To amma duba jariri a mahaifa daban, farautar afendis daban. Kan na'urar mai lanƙwasa da ake ɗora wa mai juna biyu yana hango nesa, amma ba ya rarrabe ƙananan abubuwa. Afendis yana son kan nan mai miƙaƙƙen baki, wanda ba ya nutsawa da zurfi amma yana nuna bangon hanji salo-salo. Dabarar da ake bi kuwa wani likitan hoto ɗan ƙasar Holand, Julien Puylaert, ya bayyana ta a 1986. Sai a tambayi mara lafiya, "Nuna mini da yatsa ɗaya inda ya fi maka ciwo." A ɗora kan na'urar a nan, a riƙa dannawa a hankali, a hankali, ana bin numfashinsa, har iskar da ke cikin hanji ta kauce. Hanji mai lafiya yana lotsewa idan an danna shi, kuma za ka ga yana motsi. Afendis mai ciwo ba ya lotsewa, ba ya motsi. Yana nan tsaye kamar tiyo da aka toshe wa baki ɗaya, idan kuma aka yanko shi a gicciye sai ya fito zobe cikin zobe, kamar an yanka albasa.

Daga nan sai awo. Idan faɗinsa daga bango zuwa bango ya wuce milimita 6 alhali ana danne da shi, to ya kumbura. Amma lamba kaɗai ba ta isa ba, kuma gogaggen mai sikanin ya fi kallon abin da ke kewaye da jelar. Kitsen da ke gefenta, wanda ya kamata ya zama toka-toka mai laushi, sai ya yi fari fat ya sandare, ya rungume ta. Idan an kunna Dofla, wato launin da ke nuna gudun jini, bangon yakan haskaka saboda jinin da ya yi yawa a wurin. Tsakuwar, in tana nan, takan fito fara da baƙar inuwa a bayanta. Sannan ga shaidar da babu na'urar da ke ba da ita sai wannan: daidai lokacin da kan na'urar ya taka abin da ake gani a allo, mara lafiya zai yamutse fuska ya riƙe maka hannu. Hoto da ciwo sun haɗu a wuri guda. Idan duk waɗannan suka taru, ban ga abin da siti zai ƙara ba sai ɗawainiya.

Raunin sikanin shi ne ba kullum yake samun jelar ba. A mutane da yawa afendis yana kwance ne a bayan gindin babban hanji, iskar da ke cikin hanjin kuma katanga ce ga sautin da na'urar ke aiki da shi. Mai teɓa ma haka, jelar ta yi wa kan na'urar nisa. Wani lokaci a ga gindin jelar lafiya lau, alhali can ƙarshenta ne ke ruɓewa, shi ya sa ake cewa sai an bi ta har inda ta ƙare kafin a wanke ta. Uwa uba, sakamakon yana hannun mai riƙe da na'urar ne. Binciken da aka tattara a ƙasashen da ke da kayan aiki ya nuna sikanin na kama kimanin 83 zuwa 88 cikin kowane mutum 100 masu ciwon, siti kuma kimanin 94 ko 95. Waɗannan alƙaluman na hannun ƙwararru ne. A ɗakin da aka ba ciki minti uku da kan awon masu juna biyu, kada ma a yi zancensu.

Hoton siti, wanda ake rubuta CT a takardar asibiti, bai damu da iska ba, bai damu da teɓa ba, bai kuma damu da gwanintar hannu ba. Mutum zai kwanta, a ɗura masa ruwan rini ta jijiya, na'urar ta zagaye shi da hasken eksire ta yanyanka cikin hoto-hoto cikin daƙiƙu kaɗan. Kusan duk inda jelar ta ɓuya akan gan ta. Alamun kumburin su ne dai waɗancan a wata kama: jela mai kauri cike da ruwa, bango da ya sha rini ya yi haske, kitsen gefe da ya kamata ya zama baƙi wuluk ya yi dishi-dishi da zare-zare kamar hazo, gindin babban hanji ya yi kauri daidai inda jelar ta fito. Tsakuwa kuwa siti ya fi kowa ganinta. Akwai tarko guda a nan. Tunda ba a danna ciki a siti, lafiyayyen afendis ma kan kai milimita 7 ko 8, har fiye, musamman in akwai iska a cikinsa. Wanda ya ɗauko dokar milimita 6 ta sikanin ya ɗora ta a kan siti ba tare da duba kitsen ba, zai sa a yanka mai lafiya.

Wani abin da ba a cika faɗa ba, kuma ya shafe mu ƙwarai: siti da kitse yake gani. Kitsen ciki ne ke raba hanji da hanji a hoton, shi ne kuma ke nuna hazon kumburi. Siririn yaro, ko manomin da ya yini yana haƙar citta a Kwoi babu ko ɗigon teɓa a jikinsa, hanjinsa a cunkushe suke fitowa a siti, sai mai karatun hoton ya yi da gaske. Irin wannan jikin kuwa shi ne sikanin ya fi jin daɗi, don jelar na nan kusa da fata. Ƙara da cewa siti na ciki guda ɗaya, yadda aka saba yinsa, yana zuba wa jiki hasken da ya kai kimanin abin da mutum ke sha daga ƙasa da sararin sama a shekara uku. Ga dattijo wannan ba wani abu ba ne. Ga ɗan shekara takwas, ko mace mai ciki, abin dubawa ne, shi ya sa ko a ƙasashen da siti ke kowane lungu, da sikanin ake fara musu.

Duk wannan a kan afendis da ya kumbura ne bai fashe ba. Da ya fashe, lissafin sai ya juye, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Jelar da ta ɓule ta zubar da abin da ke cikinta, don haka sai ta saɓe. Faɗin da ya kai milimita 11 jiya yana iya komawa 6 yau, ko ma jelar ta narke cikin ƙazanta a kasa gane ta sam. Wani lokaci har ciwon kan ɗan lafa na 'yan sa'o'i, tunda matsin ya sauka, dangi su ce sauƙi ya samu. Wato a daidai lokacin da cutar ta fi muni, a lokacin ne alamar da kowa ya haddace take ɓacewa.

Saboda haka mai sikanin sai ya daina neman tiyo, ya koma neman ɓarnar da tiyon ya bari. A bangon afendis akwai wani farin layi da ke zagaye shi ta ciki. Muddin layin nan bai yanke ba, bangon na da sauran rai. Idan ya yanke a wani wuri, ko ya ɓace gaba ɗaya, bangon ya mutu ko ya ɓule. Dofla ma takan yi shiru: jela mai kauri, kitse fari a kewaye, amma babu launin jini a bangon, wannan shirun ba alheri ba ne. Sai ruwa. Ɗan ruwa baƙi garai-garai a gefen jelar ana samunsa ko ba ta fashe ba. Ruwan da ke da gari-gari a ciki, ko zare-zare, ko wanda ya taru a aljihu guda da bango kewaye da shi, har da 'yan ɗige-ɗigen iska masu ƙyalli, wannan mugunya ce. Idan aka ga tsakuwa tana zaune a cikin wannan aljihun, ba a cikin jela ba, magana ta ƙare, don ba ta da hanyar fita sai ta ɓula. Ƙananan hanjin da ke kusa kuma sukan buɗe su cika da ruwa su daina motsi.

A siti, alamu biyar aka fi dogara da su: aljihun mugunya mai bango da ya sha rini, dunƙulen kumburi inda kitse da hanji suka cakuɗe ba tare da ruwa ya taru ba tukuna, ɗigon iska a wajen hanji, tsakuwa a wajen jela, da kuma giɓi a zoben hasken da rini ya yi wa bangon. Wannan na ƙarshen shi ne ɗan uwan farin layin da ke yankewa a sikanin, kuma ba a ganinsa sai an yi rini, don haka siti marar rini ya rasa rabin amfaninsa a nan. Siti ya fi sikanin nesa ba kusa ba wajen ganin 'yar iska da ta tsere, da aljihun mugunyar da ya ɓuya a tsakanin hanji ko a bayansu. Amma shi ma yana da iyaka, iri ɗaya da ta ɗan uwansa. In ya nuna alamun, kusan tabbas ta fashe. In bai nuna ba, ba a rantsuwa, don ƙaramar ɓula ta sa'o'in farko sau da yawa ba ta fitowa, sai likitan fiɗa ya buɗe ya tarar da ita.

Mu ɗauki misali irin wanda duk ma'aikacin asibiti a yankin nan zai gane. Saurayi ɗan shekara 19, siriri, daga wani ƙauye bayan Gidan Waya. Ranar Alhamis da yamma ciwo ya kama shi a cibiya, ya kasa cin tuwo. Juma'a ciwon ya koma dama, mai kemis ya ba shi maganin kashe zafi da na taifot. Asabar aka yi masa sikanin a wani ƙaramin wuri, takarda ta ce hanta lafiya, ƙoda lafiya, ba a ga afendis ba. Daren nan ya ɗan samu barci. Lahadi zazzaɓi ya rufe shi. Litinin aka kawo shi Kafanchan yana tafiya a duƙe, zafin jiki 38.9, bugun zuciya 116 a minti, fararen ƙwayoyin jini 17,000.

"Baba, tun yaushe cikin ya yi tauri haka?"

"Tun jiya da dare, likita. Amma ai an yi hoto shekaranjiya, sun ce babu komai."

A sikanin na biyu, da miƙaƙƙen kai, an sami gindin jelar, faɗinsa milimita 7 kacal. Wanda ke bin lamba zai ce da sauƙi. Amma da aka bi ta, bayan kamar santimita biyu farin layin ya yanke, jelar ta nutse cikin wani aljihu mai santimita 4 da 3 cike da ruwa mai gari-gari, ga tsakuwa da inuwarta a tsakiyarsa. Kitsen wajen fari tas. Da aka sauya zuwa kai mai lanƙwasa aka leƙa mara, sai ga ƙarin gurɓataccen ruwa a bayan mafitsara, wani kuma a ƙarƙashin hanta, hanji sun buɗe ba motsi. Hannu a ciki kuma ya riga ya faɗi haka: ko'ina aka taɓa sai ya zabura, har hagu.

To, a kai shi siti? Mai neman siti a kudancin Kaduna galibi Jos ake tura shi, ko Abuja, ko Kaduna. Ga kuɗin hoton da ya ninka na sikanin sau da yawa, ga shatar mota, ga gwajin ƙoda da akan nema kafin a yi rini, ga layi, ga jiran mai karantawa. Yini guda ya tafi, kuma kowane rami a hanya sai ya ji shi a cikinsa. Abin da zai dawo da shi kyakkyawan hoto ne na abin da aka riga aka sani. Mugunya ta bazu a ciki, maganinta ƙarin ruwa, allurar kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya, robar fitsari don a ga ƙoda na aiki, sannan tiyata a ranar, a cire jelar a wanke cikin. A nan sikanin ya gama aikin, kai shi siti cutarwa ce.

Amma a ɗan sauya labarin. A ce mai shekara 55 ne, mai jiki, ya kwana shida da ciwon, yana shan kunu yana zagawa, cikinsa da laushi sai wani dunƙule da ake ji a dama. Sikanin ya ga cakuɗaɗɗen abu, bai iya rarrabewa ba. A nan hanyar Jos ta cancanci kuɗinta, domin amsar za ta sauya abin da za a yi. Idan dunƙulen kumburi ne kawai, sau da yawa an fi son a ba da allurai a jira, don shiga da wuƙa cikin hanjin da suka manne da juna na iya yaga su. Idan aljihun mugunya ne da ya wuce santimita 3 ko 4, sai a nemi zuƙe shi, kuma siti ne ke nuna ta inda allura za ta bi ba ta huda hanji ba. A wannan shekarun kuma akwai abin da ba a son a tsallake: ciwon daji a gindin babban hanji yakan toshe afendis ya zo da rigarsa.

Ba zan wuce ba sai na taɓo taifot, don a ƙasar nan ba a maganar ƙasan ciki ta dama a bar shi. Taifot yana cin ƙarshen ƙaramin hanji ne, taku kaɗan daga afendis, yakan kuma ɓula shi a mako na biyu ko na uku na zazzaɓi. Tarihin ciwon kan raba su: a taifot zazzaɓi ne ke yin gaba da kwanaki kafin ciki ya ɗauka, a afendis ciwon ciki ne ke fara sallama. Hoto ma na taimakawa. Afendis in ya fashe, iskar da ke fita kaɗan ce, tunda bakinsa a toshe yake. Idan aka tsayar da mutum aka yi masa eksiren ƙirji aka ga iska jingim a ƙarƙashin haƙarƙari, hankali ya fi karkata ga ɓular taifot ko ta gyambon ciki. Ga mace kuwa, ko kusa ba a fara neman jela sai an yi gwajin ciki, don cikin da ya zauna a wajen mahaifa yana kashewa da sauri fiye da afendis, kuma shi sikanin ne gwaninsa.

Akwai masu cewa ai yanzu a waje da magani kawai ake warkar da afendis. Da gaskiyarsu, da sharaɗi. A babban gwajin da aka wallafa a Amurka a 2020, mai mutum 1,552, kimanin 29 cikin 100 na waɗanda aka ba magani sai da aka yi musu tiyata cikin kwana 90, a masu tsakuwa kuwa adadin ya kai 41. Kuma duk sai da hoto ya tabbatar da ciwon kafin a sa su a gwajin, suna kuma da asibiti a kusa in abu ya ɓaci. Wanda zai koma ƙauye da damina, rafi ya cika, ba shi aka yi wa wannan lissafin ba.

Hukuncina shi ne, a Kafanchan sikanin ne na farko ga kowa, kuma ga yaro da siriri da mai ciki sau da yawa shi ne na ƙarshe. In ya ce "ga shi", a yarda da shi. In ya ce "ban gani ba", to bai ce komai ba tukuna, sai in ya ƙara da cewa kitsen wajen lafiya, babu ruwa, babu tsakuwa, hanji na motsi. Ko a hakan ma, mai ciwon da ya zauna a dama a kwantar da shi, likita ya sake taɓa cikin bayan 'yan sa'o'i, a maimaita hoton da safe. Siti a ajiye shi ga mai jiki, da dattijo, da mai dunƙule, da wanda aka duba sau biyu aka rasa gane kansa alhali yana da ƙarfin tafiya. Tunda gwamnatin tarayya ta amince a 2025 a mayar da asibitin Patrick Yakowa da ke Kafanchan cibiyar lafiya ta tarayya, fatanmu wannan tafiyar ta zama tarihi. Kafin nan, roƙona ga abokan aiki masu rubuta sakamako: idan kun buga `not visualized`, ku ƙara layi ɗaya a ƙasa cewa wannan bai kore afendis ba, sannan ku faɗa wa uban yaron da baki, da Hausa, kafin ya fita daga ɗakin.